Wane Tsari Ya Dace da Sibinka?

Mai tantance takardun neman aiki ba ya karanta sibi daga farko har ƙarshe a duban farko. Idonsa kan faɗa saman shafi, daga nan ya yanke ko ya ci gaba ko ya ture gefe. Saboda haka zaɓen tsarin sibi ya rataya ne a kan tambaya ɗaya: mece ce hujjarka mafi ƙarfi, kuma ta fito a sama kuwa?

Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne na jerin shekaru. Za ka fara da aikinka na baya-bayan nan, ka riƙa komawa baya, kowanne da muƙami da sunan ma'aikata da shekarun da ka yi. Idan akanta ne kai, ka shekara takwas kana hawa mataki-mataki, kuma aikin akanta kake nema, kada ka wahalar da kanka da wani tsari. Tarihinka shi ne hujjarka. Wanda bai daɗe da gama bautar ƙasa ba ma wannan ya fi masa, sai dai ya sa karatunsa a sama, sannan inda ya yi hidimar da inda ya yi sanin makamar aiki.

Na biyu shi ne tsarin ƙwarewa, inda ake tara abin da mutum ya iya a ƙarƙashin kanun kamar horarwa ko kula da kuɗi, a bar wuraren aiki da shekaru can ƙasa a taƙaice, wani lokaci ma a share su. Ana yawan ba masu giɓi a tarihin aikinsu shawarar su bi shi, amma ni ban cika yarda da wannan shawara ba. Gogaggen mai ɗaukar aiki da ya ga babu shekaru sai ya fara zargin ana ɓoye masa wani abu. Ga kuma manhajojin da manyan kamfanoni ke tace sibi da su, waɗanda aka gina su su zaƙulo muƙami da ma'aikata da kwanan wata. In ba su samu ba, sai bayananka su shiga a hargitse. Inda yake da amfani shi ne ga mai aikin kansa, kamar mai ɗaukar hoto da ya yi wa mutane barkatai ƙananan ayyuka.

To mai giɓi ko mai sauya fanni fa? Nasa shi ne tsarin haɗaka: ƙwarewa a sama, cikakken jerin shekaru a ƙasa.

A ce wata malama ta koyar a firamare daga 2012 zuwa 2019, ta ajiye aiki don jinyar mahaifiyarta da renon yara har 2023. A wannan tsakanin ita ke riƙe da littafin kuɗi na ƙungiyar matan unguwarsu. Yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta tana neman jami'ar horar da mata. In ta bi jerin shekaru zalla, abin da za a fara gani shi ne "malamar aji huɗu" da rabuwa da aiki tun 2019, a ce ba ita ake nema ba.

Sai ta ɗauki sanarwar aikin ta ja layi ƙarƙashin abubuwa uku da aka fi nanatawa, misali horarwa, rubuta rahoto da hulɗa da al'umma. Su ne za su zama kanunta na sama. Ƙarƙashin kowanne ta kawo hujja layi biyu, ta kuma faɗi inda abin ya faru. Maimakon "na iya horarwa", ta rubuta: "Na koya wa sababbin malamai 12 tsara darasi a makarantarmu, 2018." A wani wajen: "Na riƙe lissafin adashin mata 45, ina gabatar da rahoto duk wata, 2020 zuwa 2023." Wannan sashe kada ya wuce sulusin shafi, domin in ya yi tsawo ya koma tsarin ƙwarewa ke nan.

Daga nan jerin shekaru ya biyo baya ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Shekarun giɓin ta ba su layi guda: "2019 zuwa 2023: kula da iyali, ma'ajiyar ƙungiyar mata, aikin sa kai." Ba sai ta yi dogon bayani ko ba da haƙuri ba. Abin da za ta guje wa shi ne ƙara wa aikin koyarwar shekaru don rufe giɓin, domin takardun shaida za su tona.

Akwai inda zaɓin ba naka ba ne. Jami'o'i kan jera a sanarwarsu yadda suke son sibi, tun daga suna da ranar haihuwa har wallafe-wallafe da masu tsaya maka. In ka ga haka, bi jerin nasu daki-daki.

Kafin ka tura, ninke shafin farko biyu ka miƙa wa wani rabin sama. In ya karanta bai iya faɗa maka aikin da kake nema ba, koma ka sake tsarin.