Kuɗin Tsufan Inji: Layin da Ba Ya Fitowa a Hoton Jadawali

A Icirnawa, kamar sauran garuruwan yankin Matameye da Kance, gyaɗa ba baƙuwa ba ce, kuma inda gyaɗa take akwai injin markaɗe, akwai mai da ƙuli-ƙuli. Ƙungiyoyin mata da ke da irin wannan inji sukan riƙe littafi, ma'aji ta ja layuka da biro, abin da ya shigo a gefe guda, abin da ya fita a ɗaya gefen. Idan shekara ta ƙare aka zo rabo, sai a ɗauki hoton shafin da salula a tura wa wani ɗa ko ƙane mai karatu a Damagaram, a ce: "Duba mana, nawa muka ci riba?" Amsar da yakan mayar ita ce ya tara, ya debe, ya faɗi saura. Sau da yawa wannan sauran ba riba ba ce.

Bari mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara don bayani. A ce a shekarar 2024 injin ƙungiya ya kawo sefa 1 080 000, wato jaka 90 kowane wata. An sayi gazuwal na 420 000, an biya yaron inji 240 000, gyara da wasa faranti da sauya bel sun ci 120 000. Jimillar abin da ya fita 780 000, saura 300 000. Lissafin daidai yake, kuma kuɗin na nan a akwati, kowa na iya ƙirgawa. Sai dai akwai wani ma'aikaci da ya yi aiki shekara guda ba a rubuta ladansa ba, shi ne injin kansa.

Inji na tsufa ko an lura ko ba a lura ba. Kowace tiya da ya markaɗe tana rage masa kwana, kuma ranar da zai tsaya cak ba ta zuwa da sallama. Masu ilimin lissafin kuɗi suna raba farashin sayensa a kan shekarun da ake sa ran zai yi aiki, kowace shekara ta ɗauki rabonta a matsayin kashewa. Wannan rabo shi ne kuɗin tsufa, wanda a takardun Faransanci za a gan shi da sunan Amortissement. Tsarin lissafi na ƙasashen OHADA, da Nijar ke cikinsu, wanda aka sabunta ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, ya wajabta wa kamfanoni fitar da shi ko shekarar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ƙaramar ƙungiyar karkara ba lallai wani ya zo ya bincike ta ba, amma injinta bai san da wannan sassauci ba.

Ga yadda ake fitar da shi. Da farko a nemi ainihin kuɗin da injin ya ci kafin ya fara juyawa, ba na kanti kaɗai ba. A ce an saye shi 900 000, kuɗin mota da dasa shi a kan siminti suka ci 100 000, farashinsa a littafi ya zama miliyan ɗaya. Idan daga Kano ko Daura aka sayo shi da naira aka shigo da shi ta Ɗan Barto, a rubuta sefar da aka canza a ranar, kada a bi canjin yau. Sannan a tsayar da shekarun aikinsa. Nan ne hukunci ke shigowa, kuma mai gyaran inji na gari ya fi littafi sanin amsar, don ya san abin da ƙura da gurɓataccen gazuwal ke yi wa ƙarfe. A ce ya ce shekara 5. Miliyan ɗaya a raba biyar, 200 000 ke nan kowace shekara, kusan jaka 17 a wata, ko kimanin sefa 550 a rana.

Yanzu a koma kan saura 300 000 ɗin nan. A cire 200 000, riba ta gaskiya ta zama 100 000. Idan aka raba 300 000 duka ga mambobi, kashi biyu cikin uku na abin da kowace mace ta ɗaure a bakin zane guntun injinta ne, ba riba ba. Shekara biyar a haka, an cinye inji loma-loma, ana murna.

Akwai wani wurin da masu amsa tambaya daga hoto ke yawan tuntuɓe, wato shekarar farko. In injin ya fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2023, wata tara kawai ya yi a shekarar, don haka rabonta 200 000 sau tara a raba sha biyu, 150 000. Daga 2024 zuwa 2027 kowace shekara ta ɗauki 200 000, sai 2028 ta ɗauki ragowar wata uku, 50 000. Hanyar gane ko an yi daidai mai sauƙi ce: a tara duka, dole su koma miliyan ɗaya cif. A ƙarshen 2024 darajar injin a littafi 650 000 ce. Ranar sayen kuwa galibi a saman shafi ake rubuta ta, daidai wurin da hoto ya fi yankewa. Wanda bai gan ta ba ya tambaya, kada ya yi hasashe.

Hoton ma yana da wasu tarkunan. Ma'ajin da ta yi makarantar Faransanci tana raba dubbai da fili ko ɗigo, waƙafi kuma na gutsure ne, alhali ɗalibin da ya yi karatu a Katsina ya saba da waƙafi a kan dubbai. Bakwai mai sanda a ciki da ɗaya mai dogon baki sun rikitar da mutane da yawa. Mafi haɗari shi ne dala. A kasuwa dala sefa biyar ce, wanda ya ce dala ɗari yana nufin sefa 500. Idan wata rana ma'aji ta rubuta abin da kunnenta ya ji, washegari ta rubuta abin da ke jikin takardar kuɗi, shafi ɗaya zai ɗauki ma'auni biyu. Alamarsa ita ce a ga kuɗin gazuwal na wani mako ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin biyar na sauran, alhali injin bai huta ba.

Na sha jin ana cewa, "Ai namu injin kyauta ce daga wani shirin tallafi, ba mu biya ko dala ba." Na farko ne kyauta, na biyu da kuɗinku za ku saya, don haka a tambayi farashinsa a kasuwa a yi masa lissafi kamar kowane. In kuwa da bashi aka saya, kada a sa biyan uwar bashin cikin kashewa a kuma sa kuɗin tsufa, an ƙirga inji sau biyu ke nan. Kuɗin ruwa ko ladan da aka ɗora a kan bashin ne kaɗai ke shiga kashewa.

Kuɗin tsufa dai lamba ce a takarda, ba ta ajiye kanta. Sai an buɗe akwati daban, ko asusu, ana zuba jaka 17 ɗin nan duk wata. Ko an yi hakan, miliyan ɗayan da za a tara zuwa 2028 farashin 2023 ne, kuma da wuya irin wannan inji ya tsaya yana jiran ƙungiyar a tsohon farashinsa. Ƙungiyar da ta aika mutum Matameye ya tambayo kuɗin sabon inji kafin ranar rabo za ta san nawa ya kamata ta ƙara a akwatin daga cikin jaka ɗarin da ta rage.