Cutar da ke ɓare rigar jijiya: me ya sa takan lafa ta sake tashi?

A ɗauki misalin mace 'yar shekara 28 da ta wayi gari idonta na dama yana ciwo duk lokacin da ta juya shi. Kafin kwana uku ganin idon ya dushe, jan launi ya koma kamar ya koɗe. Bayan wata guda ko biyu sai ganin ya dawo, kowa ya yi hamdala. Shekara ta zagayo, sai ƙafar hagu ta yi nauyi, tana ja da ƙasa. Sau da yawa haka cutar maltiful sikilirosis ke fara nuna kanta, cutar da likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya fayyace siffofinta a birnin Faris a 1868. Ta fi kama mutane tsakanin shekara 20 zuwa 40, kuma mata sun ninka maza a cikin masu ita.

Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a ƙwaƙwalwa da laka da bayan ido suna sanye da wata riga mai maiƙo da ake kira mayalin, tamkar robar da ke lulluɓe wayar lantarki. Rigar ba a haɗe take ba, gaɓa-gaɓa ce, da 'yan ƙananan giɓi a tsakani. Saƙo yana tsallakawa ne daga giɓi zuwa giɓi, shi ya sa yake iya gudun mita 100 a daƙiƙa ɗaya, alhali a jijiyar da ba ta da riga da ƙyar yake yin mita ɗaya ko biyu.

A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke juya wa mai ita baya. Wasu fararen ƙwayoyin jini suna keta shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, su far wa mayalin da ƙwayoyin da ke ƙera shi. Wurin ya kumbura, rigar ta ɓare, saƙo ya riƙa tafiyar hawainiya ko ya tsaya cak. Alamar da za a gani ta danganta da inda ɓarnar ta faɗa. A jijiyar ido, gani ne ke dushewa. A laka, ƙafa ce ke sagewa ko fitsari ya ƙi riƙuwa.

To me ya dawo wa matar nan da ganinta? Da farko kumburin ne ya saɓe, cikin 'yan makonni. Sannan jijiyar da aka tuɓe ta yi dabara: ta baza ƙananan ƙofofin da sinadarin sodiyam ke shiga ta cikinsu a duk tsawon wurin da ya ɓare, saƙo ya samu wucewa ko da a hankali ne. Jiki kuma ya ɗinka sabuwar riga, sai dai ba ta kai ta asali kauri ba. Kusan 85 cikin 100 na masu cutar da irin wannan tashi da lafawa suke farawa. A nan ne ake yawan ruɗuwa, domin duk maganin da aka sha a makon da sauƙi ya zo, shi ke kwashe yabo. Ko allurar sitiroyid da likitoci ke yi ta jijiyar jini, giram ɗaya kullum na kwana uku zuwa biyar, hanzarta sauƙin kawai take yi, ba ta sauya inda ganin zai tsaya daga ƙarshe.

Ba kowace dawowar alama ce sabon hari ba. Jijiyar da aka yi wa faci ba ta jure zafi, ƙarin rabin digiri a jiki ya isa ya toshe saƙo. Wilhelm Uhthoff, likitan ido na Jamus, ya lura a 1890 cewa ganin wasu majinyata yana dushewa idan sun motsa jiki. Matar nan za ta iya ganin hazo a tsohon idon da tsakar ranar bazara, ko lokacin zazzaɓin cizon sauro, ya kuma washe da zarar jiki ya huce. Likita ba ya ƙirga abu a matsayin sabon hari sai ya wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ba.

Lafawar ma ba warkewa ba ce. Hoton MRI yakan nuna sababbin tabo a ƙwaƙwalwa a lokacin da majinyaci ke jin garau, domin ɓarnar ta faɗa inda ba ta nuna alama, ko ƙwaƙwalwa ta karkatar da saƙon ta wata hanya. Kowane hari kuma yana tsinka wasu jijiyoyin baki ɗaya, waɗannan ba sa sake tsirowa. Idan asarar ta taru tsawon shekaru, a wasu majinyata sai tashi da lafawa su ragu, rauni ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali. Saboda haka ne likitocin jijiya ke fara maganin rage hare-hare da wuri, su kuma ci gaba da ba da shi har a watannin da babu wata alama.