Layi Biyu da Ke Gabatar da Mai Neman Aiki

Kafin mai ɗaukar ma'aikata ya buɗe takardunka, sau da yawa yakan fara leƙa shafinka na sada zumunta, ya karanta ɗan bayanin da ke ƙarƙashin sunanka. Wurin kuwa ƙarami ne. Instagram harafi 150 yake bayarwa, X kuma 160, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. A wuri irin wannan, kuskure ɗaya ma ba ya ɓuya.

Mu ɗauki misalin wata malama mai neman aikin koyarwa, wadda ta rubuta haka: "Ni malaman lissafi ce mai kwazo inada NCE ina neman dama domin nuna basirata a koina."

Gyaran farko na nahawu ne. "Malaman" jam'i ne, wato malamai da yawa. Mace ɗaya "malamar lissafi" ce, namiji kuma "malamin lissafi" ne. "Inada" kalmomi biyu ne, "ina da". "Kwazo" na buƙatar ƙ mai lanƙwasa, "ko'ina" kuma na buƙatar alamar ɗauri. Ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin lanƙwasa ce kaɗai ta raba "ƙafa" da "kafa". Sannan babu aya ko ɗaya a tsakiya, sai mai karatu ya yi ta laluben inda zance ya tsaya.

Gyara na biyu ya fi wuya, shi ne na salon magana. "Neman dama domin nuna basirata" Turanci ne aka sa wa rigar Hausa. Bahaushe ba ya faɗin haka idan ya je gaban shugaban makaranta. Cewa yake yi yana neman aikin koyarwa. Hanyar gane irin wannan jimla ita ce ka karanta ta da ƙarfi. Idan ba za ka iya faɗa wa babban mutum ita baki da baki ba, sake ta.

"Mai ƙwazo" ma ya kamata ya fita. Yabon kai ne da kowa zai iya rubutawa, kuma ba mai iya tantance shi. Shekarun aiki da shaidar karatu su ne ake iya bincikawa. Haka "ko'ina" ba ya taimakon mai makaranta, shi so yake ya san ko za ta iya zuwa kullum da safe.

Ga yadda bayanin ya koma: "Malamar lissafi ce ni, mai shaidar NCE da rajistar TRCN. Na koyar da 'yan ƙaramar sakandare shekara 3. Ina neman aikin koyarwa a Zariya ko Kaduna."

Harafi 146 ke nan, ya shiga Instagram da X duka. Ya faɗi sana'a, ya kawo hujja, ya ambaci aikin da garin. Sharaɗin kawai shi ne duk abin da aka rubuta ya zama gaskiya, domin ranar ganawa za a nemi ganin takardar.