Yadda sabunta manhaja ya hana kwamfutoci miliyan 8.5 tashi

Da safiyar Juma'a 19 ga watan Yulin 2024, matafiya sun yi cirko-cirko a filayen jiragen sama na Reagan da Dulles da ke yankin birnin Washington, yayin da Hukumar Jin Daɗin Jama'a ta Amurka ta rufe ofisoshinta. Ba masu kutse ne suka haddasa hakan ba. Wani ƙaramin fayil ne da kamfanin tsaron intanet na CrowdStrike ya tura domin sabunta manhajarsa ta Falcon. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa kwamfutoci miliyan 8.5 abin ya shafa a duniya.

Idan manhajar rubutu ta samu matsala, Windows kan rufe ta ya ci gaba da aiki. Ita kuwa Falcon tana aiki ne a cikin zuciyar Windows, inda ake sarrafa ma'adanar bayanai. Sabon fayil ɗin ya sa ta nemi bayani na 21, alhali 20 kawai aka ba ta, sai ta karanta wurin da bai kamata ba. Kuskure irin wannan kan sa Windows ya tsayar da komai ya nuna shuɗin allo, domin kada bayanai su lalace.

Babbar matsalar ita ce Falcon na cikin manhajojin da ke tashi tun farkon kunna kwamfuta. Duk sanda aka sake kunnawa sai ta karanta fayil ɗin, kwamfutar ta sake faɗuwa. Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma kwamfutoci da dama ba sa daɗewa a kunne har su karɓi gyaran ta intanet.

A nan ne yanayin farfaɗowa ya yi rana. Wani ƙaramin Windows ne da ke ajiye a ɓangare na daban, wanda kan bayyana da kansa idan kwamfuta ta kasa tashi sau biyu a jere. Daga cikinsa ake zaɓar Troubleshoot, sai Advanced options, sai Startup Settings, a shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da manhajojin da suka zama dole kaɗai. Tunda Falcon ba ta tashi ba, sai a goge fayil ɗin da wannan umarni, a sake kunnawa:

```
del C:\Windows\System32\drivers\CrowdStrike\C-00000291*.sys
```

Sai dai hanyar tana da iyaka. Galibi sai ma'aikaci ya zauna gaban kowace kwamfuta, abin da ya sa gyaran ya ɗauki wasu kamfanoni kwanaki. Haka kuma kwamfutar da aka kulle da BitLocker ba za ta buɗe ba sai an shigar da mabuɗinta mai lambobi 48. A wasu ma'aikatu, kwamfutar da aka adana waɗannan mabuɗai a cikinta ita ma tana cikin waɗanda suka faɗi.