Tsakanin rowa da almubazzaranci: yadda Aristotal ya fahimci halin kirki

Bahaushe ya ce hali zanen dutse, amma Aristotal, masanin falsafar Girka da ya rayu daga shekarar 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, yana da ja a kan wannan magana. A littafinsa na ɗabi'a mai ɗauke da sunan Nikomakus, ya nuna cewa ba a haihuwar mutum da halin kirki, sabo ne ke gina shi. Dutse ko sau nawa aka jefa shi sama ba zai saba da hawa ba, don faɗowa ɗabi'arsa ce. Mutum kuwa da yin adalci yake zama adali, da yin kyauta yake zama mai kyauta.

To, wane aiki za a riƙa maimaitawa? Amsarsa ita ce kowane halin kirki yana zaune ne tsakanin aibi biyu, gazawa da wuce gona da iri. Jarumta tana tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta kuma tsakanin rowa da almubazzaranci.

A nan ne mutane da yawa ke yi masa gurguwar fahimta, suna zaton rabin hanya yake nufi. Tsakiyar ba ta lissafi ba ce, tana sauyawa da mutum da halin da yake ciki. Shi da kansa ya kawo misalin Milo, shahararren ɗan kokawa: abincin da zai yi wa Milo kaɗan, ga sabon shiga ya yi yawa. A ce maƙwabci ya kwanta asibiti ana tara masa gudummawa. Lebura ya ba da dubu biyu, attajiri ma ya ba da dubu biyu. Kuɗin ɗaya ne, amma na farko ya yi kyauta, na biyu ya yi rowa. Da leburan zai miƙa kuɗin cefanen gidansa kaf don a yaba masa, shi ma ya kauce. Abin dubawa shi ne wa aka ba, nawa, yaushe, kuma da wace niyya. Aristotal ya ƙara da wata alama: mai bayarwa yana cije baki bai zama mai kyauta ba tukuna, sai ranar da bayarwar ta fara yi masa daɗi.

Shawararsa ga mai neman gyara ita ce ya gano ɓangaren da zuciyarsa ta fi karkata, ya ja kansa zuwa ɗaya ɓangaren. Marowaci ya ba da fiye da abin da ransa ke so.

Ba komai ne ke da tsakiya ba. Sata, zina da kisan gilla babu gwargwadonsu mai kyau. Raunin ra'ayin, a ganina, shi ne bai ba da ma'auni a hannu ba, ya bar hukunci ga mai hankali da gogewa. Duk da haka malaman Musulunci sun ga amfaninsa: Ibn Miskawaihi, wanda ya rasu a 1030, ya gina littafinsa Tahzibul Akhlaƙ a kansa, Imam Gazali ma ya yi bayanin wannan tsakaitawa a cikin Ihya'u.