Ɗage zaman sulhun dangi: yadda ake roƙon manya ba tare da an saɓa musu ba

A Damagaram, idan dattawan gida suka tsayar da ranar zaman sulhu, yaro ba ya cewa a canza ta. Amma sau da yawa ranar takan faɗo lokacin da ɓangare guda ba shi da halin zuwa: wani yana cin rani a Agadas, wani yana kasuwanci a Kano, wata kuwa tana cikin takaba. A nan ne ƴan uwa ke shiga tsaka mai wuya. In sun yi shiru, a zauna babu su. In sun yi magana da garaje, a ce sun raina manya, rigimar ta zama biyu.

Abin da dattijo ke son tantancewa guda ne: mutumin nan ya kasa zuwa ne, ko ƙi ya yi? Duk roƙon ya rataya a kan wannan. Shi ya sa "yana da uzuri" kawai ba ta isa ba, sai an faɗi uzurin da ranar ƙarewarsa. Jama'a ba su manta 2023 ba, lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wanda ke Kano a lokacin, uzurinsa kowa ya gani. Amma wanda ke Zango aka kira shi Birni ya ce kasuwa ta riƙe shi, wannan ba ɗagewa yake nema ba, gudu yake.

Mu ɗauki misali. Magidanci ya rasu a farkon Rajab, ya bar gona wajen Mirya, ƴaƴan uwargida da na amarya suna ja a kanta. Baffansu ya sa zama ranar Juma'a bayan la'asar, cikin Sha'aban, don a shiga azumi da zuciya ɗaya. Niyya mai kyau. Sai dai amarya tana takaba, wata huɗu da kwana goma, ba za ta fita ba sai wajen 10 ga Zulƙida, babban ɗanta kuma yana Agadas.

Wa zai je wurin baffa? Ba ɗan da ke cikin rigimar ba, domin ko me ya faɗa za a ji shi da kunnen gardama. Kawu ya fi dacewa, ko limamin unguwa, ko wani tsaran baffan da suke zama tabarma ɗaya. Zai je da ƙafarsa, shi kaɗai, da safe ko bayan magariba, tun da sauran kwanaki. Saƙon murya ta waya ba ya wannan aiki, kuma ba a tayar da zancen gaban jama'a, don dattijon da aka gyara wa magana a bainar mutane yakan kafe ko ya san gaskiya ce.

Bayan gaisuwa sai ya ce wani abu kamar haka: "Baba, Allah ya ƙara girma. Ranar da kuka sa mun ji, mun kuma yi biyayya. Sai dai uwar yaran ba ta fita takaba ba, yaron kuma sai bayan sallar azumi zai samu sauka. Muka ce mu kawo gabanku, ko za ku duba." A lura, bai ce ranar ba ta yi ba, bai kuma taɓo zancen gonar ba ko da kalma ɗaya. Idan baffa ya tambayi yaushe, sai a ba shi tsakani, a ce daga tsakiyar Zulƙida zuwa kafin layya, shi ya zaɓi ranar da bakinsa. A kauce wa Alhamis, ranar babbar kasuwar Zinder, in akwai ƴan kasuwa a cikin dangin.

Wasu kan ce a tura wakili mana. Wakili yana iya sauraro ya kai saƙo, amma ba ya yafe abin da ba shi aka yi wa ba, ba ya kuma sarayar da kason wani a gado. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Ko a doka, sarakunan gargajiya, daga mai unguwa har Sarkin Damagaram, ikon sasantawa aka ba su, kuma takardar sulhun da suke rubutawa ta dogara ne ga yardar ɓangarorin biyu. Wanda bai halarta ba yana iya cewa bai yarda ba, maganar ta ƙare gaban alƙali.

Saura ɗaya ɓangaren, wanda ya riga ya shirya, watakila har wani ya biya kuɗin mota daga Magariya ko Tanut. Labarin ɗagewar ya fito musu daga bakin baffa, da dalilinsa, ba su tsince shi a bakin mata wurin suna ba. Ɗagewar kuma sau ɗaya ake nemanta. Wanda aka ɗage dominsa ya iso kwana guda kafin ranar, ya fara zuwa ya gaida baffa, ya gode masa.