Yadda za a fahimtar da yaro dabarar da ke kunna hita ko fanka, ta kuma kashe su

A gidaje da yawa na ma'aikata a Abuja akwai na'urorin da ke kunna kansu su kashe kansu ba tare da an taɓa su ba. Firji yakan yi ta gurnani sai ya yi tsit. Fitilar dutsen guga takan mutu ta sake kamawa ana tsakiyar guga. Fankar injin mota takan tashi da ƙara a cunkoson hanyar Nyanya, ta tsaya bayan ɗan lokaci. Manya sun saba da wannan har ba sa lura, amma yaro ɗan shekara 7 ko 8 yakan lura, ya kuma yi tambayar da ke kai uba bango: "Baba, wa ya gaya masa ya tsaya?"

Amsar da aka fi bayarwa ita ce na'urar tana da "ƙwaƙwalwa". Wannan amsa takan rufe bakin yaro, amma ba ta koya masa komai ba. Abin da ke wannan aiki ɗan ƙaramin sashe ne da masu gyara ke kira tamostat, wato na'urar daidaita zafi, kuma aikinsa uku ne kacal: yana auna zafi, yana kwatanta shi da adadin da aka saita, sannan ya haɗa wutar lantarki ko ya yanke ta.

A fara da dutsen guga

Yara sun fi kama abin da suka gani da ido, don haka dutsen guga na lantarki ya fi dacewa da darasin farko. Babba ya jona shi, ya tsayar da shi a inda hannun yaro ba zai kai ba, a saita shi kan matsakaicin zafi, a yi shiru. Bayan ɗan lokaci za a ji ƙara 'yar ƙarama, ƙas, fitila ta mutu. In aka ƙara jira za a sake jin ƙas, fitila ta dawo. Wannan ƙarar ita ce ta makunnin da ke ciki.

Abin da ke motsa makunnin wani siririn falle ne da aka yi da ƙarafa biyu mabambanta a manne da juna, alal misali baƙin ƙarfe da tagulla. Ƙarfe yakan miƙe kaɗan idan ya ji zafi, amma kowane da gwargwadonsa. Sandar baƙin ƙarfe mai tsawon mita 1, in zafinta ya ƙaru da digiri 100 a ma'aunin Salshiyas, takan ƙara tsawon da ya ɗan wuce milimita 1, ita kuwa tagulla takan ƙara kusan milimita 2. Tunda a manne suke, ba mai iya barin ɗan'uwansa, sai fallen ya lanƙwashe zuwa ɓangaren da bai miƙe sosai ba. Lanƙwasar ce ke raba bakin makunni, wuta ta yanke. Idan ya huce sai ya miƙe, bakin ya sake haɗuwa.

Ana iya nuna wa yaro wannan da takardar cingam mai fuska biyu, ɗaya takarda ɗaya gwangwanin alminiyam. A yanko siriri, babba ya kusantar da shi ga dutsen gugar ba tare da ya taɓa ba. Zai nannaɗe zuwa ɓangaren takarda, domin alminiyam ya fi takarda miƙewa. A nan ne yaro zai gane cewa zafi da kansa ne ke ture makunnin.

Wasan lambobi

Sashe na biyu shi ne zuciyar darasin, kuma shi ne manya ma kan yi kuskure a kansa. A ɗauka ana sanyin hunturu a watan Janairu, an kunna hitar ɗaki an saita ta a digiri 22. Mai sauraro zai zaci hita za ta kama da zarar zafi ya sauka ƙasa da 22, ta mutu da zarar ya haura 22. Da haka take yi, da ta riƙa kamawa tana mutuwa ba ƙaƙƙautawa, domin zafin ɗaki kullum yana ɗan hawa yana ɗan sauka, har bakin makunni ya ƙone da tartsatsi. Saboda haka masu ƙera ta sukan bar tazara. A wannan misali, hita za ta kama a digiri 21, ta mutu a digiri 23. Faɗin tazarar ya danganta da irin na'urar.

Hanya mafi sauƙi ta koyar da wannan ita ce yaro ya zama tamostat da kansa. A ba shi doka biyu: in ya ji 21 ko ƙasa da haka ya ce "kunna", in ya ji 23 ko sama da haka ya ce "kashe". In lambar tana tsakani, ya ce "a bar shi yadda yake". Sai uwa ta riƙa kiran lambobi. Ta ce 20, ya ce kunna. Ta ce 22, ya ce a bar shi, hita tana ci gaba da aiki. Ta ce 23, ya ce kashe. Ɗaki ya fara hucewa, ta sake cewa 22, ya ce a bar shi, amma a wannan karon hita a kashe take. Ta ce 21, ya ce kunna.

Yaro mai lura zai tsaya a nan ya ce: "Mama, ai sau biyu kika ce 22, ɗaya tana kunne ɗaya tana kashe." To, ya kama bakin zaren. A cikin tazarar, tamostat ba ya sauya komai, yana riƙe da matakin da ya ɗauka na ƙarshe har sai zafi ya kai ɗaya daga cikin iyakokin biyu.

Tankin ruwan gida ma misali ne da yaron Abuja ya sani. Mai gadi ba ya kunna injin rijiyar burtsatse don an ɗebi bokiti ɗaya. Yakan jira ruwa ya sauka sosai kafin ya kunna, ya kashe idan tanki ya cika. Tanki mai rabin ruwa yana iya kasancewa ana cika shi, yana kuma iya kasancewa ana shan sa.

Idan yaro ya ƙware, sai a juya dokar domin fanka: a kunna a babbar lamba, a kashe a ƙarama. Haka fankar lagireto ke yi a motocin zamani. Takan tashi idan ruwan injin ya kusanci digiri 100, ta tsaya idan ya sauka da 'yan digirori. Shi ya sa aka fi jin ta a cunkoso, inda mota ba ta gudun da iska za ta sanyaya lagireto. Ya kamata a bambance masa da fankar silin, wadda ba ta auna komai. Abin murɗawar da ke bango saurinta kawai yake sauyawa, kuma za ta yi ta juyawa ko ɗaki ya yi sanyi ƙalau.

Labarin malamin makaranta

Yara suna son labari, kuma wannan na'ura tana da nata. Warren Johnson malami ne a kwalejin horar da malamai ta garin Whitewater a jihar Wisconsin ta Amurka. A lokacin sanyi, mai kula da ginin kan zagaya azuzuwa yana duba zafinsu kafin ya koma ƙasa ya daidaita murhu. Johnson ya ƙera na'ura mai irin wancan falle na ƙarafa biyu, wadda ke kaɗa ƙararrawa idan aji ya yi zafi ko sanyi fiye da kima, ya kuma yi mata rajistar mallaka a 1883. A farkon lamari ke nan, mutum ne ke jin ƙararrawa ya ɗauki mataki. Daga baya aka bar wa na'urar duka aikin.

Na'urorin sanyaya ɗaki na yau galibi ba su da wancan falle. Suna amfani da ɗan ƙaramin abin awo da bai wuce ƙwayar wake ba, wanda yadda yake barin wuta ta ratsa shi ke sauyawa da zafi. Allon lantarki ya karanta wannan sauyi, ya kwatanta da lambar da ke kan rimot. Kayan aikin ne suka sauya, aikin nan uku yana nan yadda yake.

Kuskuren da ke cin kuɗin wuta

Daga wannan wasa yaro zai iya warware wani kuskure da ya zama ruwan dare a ofisoshi da gidaje. A watan Maris, mutum ya shigo ɗaki da gumi ya danna rimot zuwa 16, yana zaton ɗakin zai fi saurin sanyi. A na'ura irin ta da, mai kamawa da mutuwa, kwamfuresa gudu ɗaya gare ta. Ko an saita 24 ko 16, da ƙarfi ɗaya take aiki. Lambar tana faɗa mata inda za ta tsaya ne kawai. Ɗakin da rana ke duka ba lalle ya taɓa kai 16 ba, don haka ba za ta huta ba, mita kuwa tana ta cin kati. Na'urori masu inbata sun ɗan bambanta, domin sukan rage gudu idan sun kusanci lambar maimakon su mutu gaba ɗaya, amma su ma ƙaramar lamba tana sa su daɗe suna aiki da ƙarfi.

Akwai kuma iyakar da ya kamata yaro ya sani: tamostat zafin wurin da yake kawai ya sani. Hitar da aka cusa bayan labule ko aka rataya wa tufafi za ta ji zafin kanta ta mutu da wuri alhali ɗaki na da sanyi, ban da haɗarin gobara. Firjin da robar ƙofarsa ta saki zai yi ta aiki ba hutawa, domin iska mai ɗumi tana shiga ba ta barin sa ya kai lambar tsayawa.

Yaron da ya san ƙas ɗin dutsen guga ya kuma sami ma'aunin gane matsala. Idan fitila ta daɗe a kunne ba ta mutuwa, zafi yana ta ƙaruwa har tufafi na ƙauri a kan ƙaramin saiti, mai yiwuwa bakin makunnin ya manne. Abin da za a koya masa a nan shi ne kada ya taɓa, ya kira babba ya cire filogi, a kai wa mai gyara. Haka ma hitar wanka da ruwanta ke fitowa da tururi fiye da yadda aka saba: a kashe ta daga makunnin bango, kada a sake kunnawa sai mai gyara ya duba tamostat ɗinta.